Jika biyar a kan maƙalar albasa: ta yaya marubuci zai lissafa kuɗin aikinsa?

Rakiya (Tawa):
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da tambaya a kan farashi, kuma ina son a ba ni amsa da lissafi, domin shawarar baki na sha ta har na ƙoshi. A watan jiya wata ƙungiyar manoma da ke nan jiharmu ta nemi in rubuta mata maƙala da Hausa a kan yadda ake adana albasa a cikin rudu, wato rumbun albasa na gargajiya, bayan girbi, domin ta saka a shafinta na intanet. Sakataren ƙungiyar ya ce mini jika biyar suke biya, ni kuwa na amince nan take saboda ban taɓa rubutu don kuɗi ba. Maƙalar ta kai kalmomi 1,200, sun ji daɗinta, kuma yanzu suna son wasu guda huɗu a kan albasa ɗin dai, a kan wancan farashin. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin aikin ya cinye mini kusan kwana uku, amma ban san adadin da zan faɗa ba wanda zan iya kare shi idan aka tambaye ni dalili.

Sanusi (Yamai):
Wa alaikumus salam, ƙanwata. An yi miki araha ƙwarai. Ni hanyar da nake bi mai sauƙi ce: ina ƙirga kalmomi, kowace kalma sefa 10, saboda haka maƙalarki ta kalmomi 1,200 jika goma sha biyu ce. Amfanin wannan hanya shi ne mai aiki yana iya ƙirgawa da kansa a kwamfutarsa, babu gardama tsakaninku, kuma idan ya ce ki ƙara tsawo ya san kuɗinsa zai ƙaru.

Malam Isufu (Yamai):
Sanusi ya yi gaskiya cewa an yi araha, kuma ya yi gaskiya cewa mai aiki yana son adadin da zai iya tantancewa. Inda na rabu da shi shi ne sefa 10 ɗin nan, domin ban san daga ina ta fito ba, kuma ina zaton shi ma jin ta ya yi a bakin wani. Na yi shekaru ina aikin rediyo kafin in koma rubutu da kaina, kuma na rubuta kalmomi 1,200 a cikin awa uku a kan abin da na sani tun ina yaro, na kuma rubuta kalmomi 600 da suka ci mini kwana biyu saboda sai da na samu likita ya tabbatar mini da jimla ɗaya. Ƙirgan kalmomi yana auna abin da ya fito a takarda ne kawai, alhali galibin aikin maƙala mai kyau ana yin sa ne kafin a rubuta kalmar farko da kuma bayan an rubuta ta ƙarshe.

Rakiya, ƴata, kafin kowa ya faɗa miki farashi, ina roƙonki ki zauna ki tuno da aikin nan daki-daki. Ki rubuto mana awa nawa kika yi a kan kowane mataki, tun daga zaman farko da sakataren har ranar da kuɗi suka shigo hannunki, da kuma duk abin da kika fitar daga aljihunki saboda wannan maƙala kaɗai. Kada ki ce kwana uku, domin a cikin kwana ukun akwai girki da salla da barci. Awannin da kika ba aikin muke so.

Abdulwahabu (Madawa):
Ni a shagona na buga takardu, shafi ɗaya sefa 500 ne idan Faransanci ne, idan kuma Hausa ce ina ƙara sefa 100 saboda haruffa masu ƙugiya suna ɓata lokaci. Kalmomi 1,200 ba za su wuce shafi uku ba. Saboda haka ni ban ga laifin jika biyar ba, har ma ina ganin an kyautata mata.

Malam Isufu (Yamai):
Malam Abdulwahabu, kai ana kawo maka rubutu a shirye ne ka buga, ita kuwa Rakiya babu rubutun sai da ta je ta samo shi daga bakin manoma. Amma abin da ka faɗa a kan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ gaskiya ne, kuma mu marubutan Hausa muna mantawa da shi. Duk wanda ya taɓa tura maƙala ya ga haruffan sun koma ƴan akwatina a shafin mai aiki ya san cewa akwai rabin awa da ke tafiya wajen dubawa bayan an saka rubutun, kuma ta cancanci shiga lissafi.

Rakiya (Tawa):
Baba Isufu, na duba saƙonnin wayata da littafina, ga abin da na iya tunowa. Zama da sakataren da musayar saƙonni don in fahimci abin da suke so sun ci awa ɗaya. Karatu a kan adana albasa ya ci awa biyu da rabi, kuma galibin abin da na samu da Faransanci ne, sai da na riƙa tsayawa ina neman yadda manomi ke faɗinsa da Hausa. Na yi hira da mutum uku: manomi ɗaya na Tamaske da wani na Galmi ta waya, da kuma malamin gona ɗaya da na je na same shi a ofishinsa, duka awa biyu. Sake sauraron abin da na naɗa da kwafe muhimman wurare ya ci awa ɗaya da rabi. Rubutun farko awa uku ne. Gyara da tantancewa awa ɗaya da rabi, domin manomin Tamaske da malamin gona sun saɓa a kan kwana nawa ake daina ban ruwa kafin a cire albasa, sai da na sake kiran su duka biyu. Gyaran da ƙungiyar ta nema daga baya ya ci awa ɗaya, sannan bin kuɗina rabin awa. Jimla awa 13 ke nan. Daga aljihuna kuwa na kashe sefa 1,500 na kiredi da sefa 1,000 na kabu-kabu.

Malam Isufu (Yamai):
Madalla, yanzu muna da abin kamawa. Ki lura da farko cewa rubutun da Sanusi ke ƙirga kalmominsa awa uku ne kacal daga cikin 13. Sannan ki cire sefa 2,500 da kika kashe daga jika biyar, saura sefa 2,500, ki raba su gida 13. Abin da kika samu bai kai sefa 200 a awa ba, wato bai cika dala arba'in ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 sefa 42,000 ne a wata, kuma idan aka raba shi a kan mako mai awa 40 yana ba da kusan sefa 240 a awa. Kin yi aikin da ke buƙatar harsuna biyu da waya da kwamfuta a ƙasa da wannan.

Yanzu ga yadda nake fitar da kuɗin awata, kuma zan faɗi nawa adadin domin ki ga hanyar, ke kuma ki saka naki. Ina farawa da abin da gidana ke buƙata a wata, haya da abinci da makarantar yara da magani, wanda a wurina sefa 150,000 ne. A kai nake ɗora kuɗin da sana'ar kanta ke ci ko an ba ni aiki ko ba a ba ni ba: forfe na intanet, da rabon wutar lantarki, da tsufan kayan aiki. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa. Kwamfutata ta hannu na saye ta sefa 180,000, kuma a zafin Yamai da ƙurarta ban sa ran za ta wuce shekara uku ba, saboda haka kowane wata tana cin sefa 5,000 ko ban ga sun fita ba. Idan na haɗa waɗannan duka suna kai sefa 25,000, jimla 175,000.

Sai dai ba wata goma sha biyu nake samun aiki ba. Idan na haɗa azumi da salloli biyu da makonnin da zazzaɓi ke kayar da ni ko wani a gida a lokacin damina, da kuma lokutan da babu wanda ya kira ni, ina rasa kimanin wata biyu a shekara. Dole watanni goma su ciyar da goma sha biyu, saboda haka 175,000 sau 12 a raba gida 10, ya zama 210,000 a kowane watan aiki. A wata ina aiki kwana 21, kuma a kowace rana awa huɗu ne kawai nake iya ɗorawa a kan wani mai aiki takamaimai, wato awa 84. Idan aka raba 210,000 gida 84 ana samun sefa 2,500 a awa. Da ni aka ba maƙalarki, da kuɗinta ya zama 13 sau 2,500, wato 32,500, a ƙara 2,500 na kiredi da kabu-kabu, jika talatin da biyar.

Sanusi (Yamai):
Malam, da girmamawa, awa huɗu a rana ta yi kaɗan. Ma'aikacin gwamnati awa takwas yake yi. Idan ka raba da awa takwas kuɗin awarka zai ragu da rabi, kuma ina ganin a nan ne farashinka ya yi tsalle.

Malam Isufu (Yamai):
Ni ma awa takwas nake zama, wani lokaci fiye. Amma na taɓa ɗaukar wata guda ina rubuta abin da nake yi a kowace awa, kuma abin da na gani ya ba ni mamaki. Rabin ranar yana tafiya ne a neman sabon aiki, da amsa wa mutanen da ke tambayar farashi sannan su yi shiru, da rubuta takardun ƙiyasi, da bin bashi, da jiran wuta ta dawo a watannin Afrilu da Mayu idan batirin kwamfuta ya ƙare. Ma'aikacin ofis ana biyan sa waɗannan awannin a cikin albashinsa, ni kuwa babu mai biya na sai na zuba su a cikin awannin da ake biya. Ka gwada rubutawa na mako biyu kawai, idan ka samu awa shida na aikin da ake biya a kowace rana, sai ka raba da shida, babu laifi.

Zainabu (Yamai):
Ni aikin lissafin kuɗi nake yi a wani kamfani, rubutu kuwa a gefe nake taɓawa, kuma na ga kuskure ɗaya a lissafin Malam. Ya ce bin bashi yana cikin awannin da ba a biya, waɗanda ya riga ya zuba a cikin sefa 2,500 lokacin da ya raba da awa huɗu. Amma kuma ya bar rabin awar da Rakiya ta yi tana bin kuɗinta a cikin awa 13. An ƙirga ta sau biyu ke nan. Ya kamata a yi lissafi da awa 12 da rabi, kuɗin su zama 31,250 kafin a ƙara kiredi da kabu-kabu. Bambancin ba shi da yawa a nan, amma mai aiki mai ido idan ya kama ki da ƙirga abu sau biyu ba zai sake yarda da sauran lissafin ba. Haka ma kiredi: idan kin saka kiran waya a cikin kuɗin wata, kada ki sake saka shi a kan maƙala.

Malam Isufu (Yamai):
Na karɓi gyara, Malama Zainabu, kin yi daidai. Awa 12 da rabi ne.

Hajiya Baraka (Yamai):
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin ni saye nake yi. Ina da ɗan kamfanin sarrafa hatsi, kuma na sha ba matasa aikin rubutu. Abin da ba na so a wannan hanya shi ne mai jinkiri ne ke cin ribarta. Idan Malam Isufu zai gama maƙala a awa takwas saboda ya ƙware, ita kuma Rakiya ta yi awa 12 da rabi saboda tana koyo, me zai sa in biya kuɗin koyonta? Awa biyu da rabi da ta yi tana karatu a kan albasa ilimi ne da ya zauna a kanta, za ta sayar da shi ga wani gobe. Na biyu kuma, ku dubi wanda ke biya. Ƙungiyar manoma a Tawa da karo-karon membobinta take rayuwa, kuma lokacin da albasa ke yin arha bayan girbi su ma hannunsu babu komai. Idan ta je musu da jika talatin da uku, godiya za su yi mata su nemi ɗan wani daga cikinsu ya rubuta kyauta.

Malam Isufu (Yamai):
Hajiya, maganarki ta biyu ba ni da ja a kanta. Lissafin nan ba ya gaya wa Rakiya abin da ƙungiyar za ta iya biya, yana gaya mata ne inda asara ke farawa, domin idan za ta yi rangwame ta san nawa ta yafe. Kuma ni ban taɓa nuna wa mai aiki awannina ba, farashin maƙala nake faɗa masa dunƙule, saboda haka idan na yi nawa ni na yi asara, idan na yi sauri ni na ci riba.

A kan koyo kuwa, sai a raba abu biyu. Idan marubuci yana jinkiri saboda bai iya buga rubutu da sauri ba, ko yana sake sakin layi sau biyar saboda hannunsa bai faɗa ba, wannan nasa ne, bai kamata ya ɗora wa kowa ba. Amma sake kiran manomin Tamaske da malamin gona saboda sun saɓa a kan ranar daina ban ruwa, wannan shi ne ainihin abin da ƙungiyar ta saya. Albasar da aka cire da danshi a wuyanta ruɓewa take yi a cikin rudu, kuma idan manomi ya bi maƙalar ya yi asarar buhuna, sunan ƙungiyar ne zai ɓaci. Ni da shekaruna a aikin nan da sai na yi waɗannan kiran. Na duba jerin Rakiya, kuma abin da zan iya ragewa bai wuce awa biyu ba, rabi a karatu, sauran a rubutun farko da kwafe hira.

Hajiya Baraka (Yamai):
A kan kiran waya na yarda. A kan karatun farko ban yarda ba tukuna. Idan na kira mai gyaran injin niƙa, ba na biyan sa lokacin da ya yi yana koyon yadda injin yake.

Zainabu (Yamai):
Hajiya, amma mai gyaran injin niƙa inji iri ɗaya yake gyarawa duk shekara, marubuci kuwa yau albasa ce, gobe rigakafin yara, jibi famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Duk da haka ina ganin maganarki tana da mafita a cikin aikin Rakiya kansa, tunda maƙaloli huɗu ake nema kuma duk a kan albasa. Zama da sakatare sau ɗaya za a yi, awa ɗaya. Karatu a yi shi gaba ɗaya, mu ce awa huɗu. Idan ta shirya tambayoyin maƙalolin huɗu tun farko, zagaye ɗaya na hira zai isa, awa uku, da awa biyu da rabi na kwafewa. Abin da ba ya raguwa shi ne rubutu da gyara da gyaran mai aiki, awa biyar da rabi a kowace maƙala, wato 22. Jimla awa 32 da rabi, alhali da ɗaya-ɗaya aka ba ta aikin da ya kai awa 50. Wannan ragi ne na gaskiya da za ta iya miƙa wa ƙungiyar ba tare da ta cuci kanta ba, da sharaɗin su amince da guda huɗun a lokaci ɗaya.

Mamman Sani (Ƙonni):
Ni abin da ya same ni daban ne, amma ina ganin ya shafi awa ɗaya da aka ware wa gyaran mai aiki. Bara na rubuta wa wata ƙungiya maƙala a kan kiwon awaki, muka daidaita a kan jika ashirin, kuma a lissafina na ci riba. Na tura, mai kula da aikin ya yi gyara, na gyara. Bayan mako guda shugabansu ya dawo daga tafiya ya ce a juya maƙalar ta koma kan mata masu kiwo, na sake rubuta rabinta. Daga nan aka ce masu ba su tallafi ba sa jin Hausa, in taimaka da fassarar Faransanci, wai ai ni na rubuta, ba zai yi mini wuya ba. Aikin da na ƙiyasta wa awa tara ya kai awa ashirin, kuma kuɗin sai bayan wata uku suka zo, an cire wani kaso da sunan haraji, an kuma cire kuɗin turawa daga nawa. Tun daga nan ba na fara aiki sai an rubuta, ko da a saƙon waya ne, cewa gyara zagaye ɗaya ne, mutum ɗaya ne zai tattaro gyaran kowa, kuma fassara aiki ne daban mai kuɗinsa.

Zainabu (Yamai):
Abin da aka cire maka, Mamman Sani, shi ya sa nake cewa a yi tambaya tun kafin a faɗi farashi: shin adadin da muka ambata shi ne zai shigo hannuna, ko akwai abin da za a riƙe? Manyan ƙungiyoyi sukan nemi faktir da lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, kuma lissafinsu yana bin ƙa'idar haraji, ba mugunta ba ce. Ƙungiyar manoma ƙarama mai yiwuwa hannu da hannu za ta biya, amma tambayar ba ta cin komai.

Rakiya (Tawa):
Na gode muku duka. Na bi hanyar Baba Isufu da nawa adadin. Ni a gidan iyayena nake, ba na biyan haya, abin da nake buƙata a wata tare da ɗan abin da nake taimaka wa gida da shi sefa 70,000 ne, kuɗin forfe da tsufan waya da kwamfuta kuma 20,000. Jimla 90,000, sau 12 a raba gida 10 ya ba ni 108,000, na raba gida 84 na samu kusan sefa 1,300 a awa. Da wannan, maƙalar farko ta kamata ta zama 18,750 har da kiredi da kabu-kabu. Guda huɗun kuwa, awa 32 da rabi sau 1,300 ya zama 42,250, na ƙara 3,750 na kira da zirga-zirga, jika arba'in da shida, wato 11,500 kowace ɗaya.

Sanusi (Yamai):
Kun gani ko, bayan duk wannan zagaye an dawo kusa da jika goma sha biyun da na faɗa tun farko.

Malam Isufu (Yamai):
An dawo kusa da shi ne saboda abu biyu da suka haɗu, Sanusi: tana zaune a gidan iyayenta, kuma maƙalolin huɗu ne a kan abu ɗaya. Da guda ɗaya ce, da sefa 10 ɗinka ta sa ta yi asarar kusan jika bakwai. Amma tunda yanzu ta san awanninta, babu laifi ta mayar da farashin zuwa kalmomi idan mai aiki ya fi gane haka, muddin ta san cewa maƙala mai hira da maƙalar da ba ta da hira ba kuɗin kalma ɗaya suke da shi ba.

Akwai abin da ke damuna a 1,300 ɗin, ƴata, kuma ba ni da cikakkiyar amsarsa. Hayar da ba kya biya mahaifinki ne ke biya, saboda haka a zahiri shi ne ke yi wa ƙungiyar rangwame. Ranar da kika yi aure ko kika koma Yamai, buƙatarki za ta ninka, kuma mai aikin da ya saba da 11,500 ba zai ji daɗin 22,000 ba. Ni da na so ki saka ko da jika goma sha biyar na haya a lissafinki tun yanzu.

Hajiya Baraka (Yamai):
A nan ma ba mu daidaita ba, Malam. Araharta ita ce ƙofar da za ta shiga da ita, kai ma ba da 2,500 ka fara ba. Ta karɓi aikin, ta tara maƙaloli biyar masu sunanta da za ta nuna wa wasu, sannan ta ɗaga farashi a kan sababbin masu aiki. Abin da zan ƙara mata kawai shi ne ta tabbata an saka sunanta a ƙarƙashin kowace maƙala, kuma ta karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami.

Rakiya (Tawa):
Na je na samu sakataren jiya da yamma. Ban nuna masa awanni ba, na dai bayyana masa matakan aikin, na ce jika arba'in da shida a kan guda huɗu, gyara zagaye ɗaya, rabi kafin in fara. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai san na kira mutane har sau biyu ba. Ya ce abin da kwamitinsu zai iya amincewa da shi ba zai wuce jika talatin da shida ba, amma su za su haɗa ni da manoman a ranar taronsu na wata, a wuri ɗaya, kuma su ɗauke ni a motarsu. Na lissafa: kuɗin kira da zirga-zirga zai sauka zuwa kimanin jika ɗaya, hirar kuma mai yiwuwa ta ragu da awa ɗaya tunda ba sai na yi ta neman mutane a waya ba. Awa 31 da rabi sau 1,300 ya zama 40,950, da jika ɗaya 41,950, saboda haka har yanzu akwai giɓin kusan jika shida. Na yi tunanin in ce musu a mayar da maƙala ta huɗu gajera, kalmomi 500 ba tare da sabuwar hira ba, wanda zai rage mini kimanin awa uku, wato kusan jika huɗu. Tambayata ita ce, ranar taron nan zan fita tun safe in dawo da la'asar ko da hirar awa biyu ce kawai, to awannin zama a mota da jiran a gama taro, a ina zan saka su?

Malam Isufu (Yamai):
Ki saka su a kan aikin, domin ranar ba za ki iya yi wa kowa wani rubutu ba. Idan kin fita ƙarfe takwas kin dawo ƙarfe huɗu, ranar aiki guda ce ta tafi, awa huɗun da ake biya ke nan a lissafinmu, saboda haka hirar ba ta ragu da awa ɗaya ba, ƙaruwa ta yi da ɗaya. Ki sake lissafin da awa 33 da rabi, ki cire ukun maƙala ta huɗu, ki ga inda kika tsaya. Kuma ki tambayi sakataren ko taron a cikin garin Tawa za a yi ko a ƙauye, kafin ki ba shi amsa.